Rawutar shagona za ta gaya mini inda kwastomomi ke shiga?

A ƙarshen wata wani mai shagon cajin waya da buga takardu ya tare ni da ƙorafi. Ya sayi datar da yake zaton za ta kai shi wata guda, ya haɗa ta da ƙaramar rawuta mai eriya biyu, yana ba kwastomomi lambar sirri su hau intanet yayin da suke jiran caji. Kwana goma sha biyu data ta ƙare. Ya ce mini, "Malam, wannan 'yar akwatin ba ta cikinta komai ke bi ba? To ta gaya mini mana ina yaran nan suke shiga."

Ba shi kaɗai ke wannan tambaya ba. Masu shagon kallon ƙwallo, masu sayar da tikitin intanet a unguwa, masu ƙananan masaukai, duk suna yin ta. Kuma rabin zancensa daidai ne: duk abin da wayar kwastoma ta aika waje, ta cikin rawutar yake bi. Inda aka samu matsala shi ne rawutar tana gani amma ba ta riƙewa, kuma abin da take gani ma bai kai yadda yake zato ba.

Muka buɗe shafin sarrafa rawutar, wanda a irin waɗannan na'urori ake samu ta hanyar buga 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 a burauza. Akwai wuri mai suna System Log, kuma da ya gan shi sai fuskarsa ta washe. Da muka duba, abin da ke ciki shi ne lokacin da rawutar ta tashi, lokacin da ta haɗu da layin kamfani, da kuma wace waya aka ba wane adireshin cikin gida. Babu sunan shafi ko ɗaya. Rajistar lafiyar na'urar ce, an yi ta domin mai gyara. Haka abin yake a yawancin rawutoci masu araha da 'yan MiFi ɗin da kamfanonin waya ke sayarwa.

Dalilin yana cikin ƙirarta. Shagon yana fita intanet da adireshi ɗaya tak, amma wayoyi ashirin ke amfani da shi. Domin kada amsar wannan ta tafi wayar wancan, rawutar tana riƙe da wani allo a ƙwaƙwalwarta: wayar nan ta buɗe hanya zuwa adireshi kaza, idan amsa ta dawo a miƙa mata. Wannan aikin shi ake kira NAT. Da zarar hulɗar ta ƙare, sai a share layin, kamar yadda ɗan makarantar allo ke wanke allonsa ya sake rubutu. Ba ta da wurin ajiye abin da ya wuce. Tsofaffin samfuran TP-Link TL-WR841N, misali, megabait 4 ne ma'ajiyarsu ta dindindin, ƙwaƙwalwar aiki kuma megabait 32. Hoto ɗaya na wayar zamani zai iya kusan cika wannan ma'ajiyar. Ɗan abin da take rubutawa ma a ƙwaƙwalwar aiki yake zaune, don haka ana ɗauke wuta ya tafi.

Sai ya ce, to idan an sauya ta da wadda ke iya rubutawa fa? Wannan yana yiwuwa, kuma ba sai da kuɗi mai yawa ba. Ƙananan na'urorin MikroTik, waɗanda masu sayar da tikitin intanet suka saba da su, suna iya yi. Haka nan rawutar da aka sauya wa manhaja aka sa mata OpenWrt, wadda kyauta ce, sai dai sababbin sigoginta sun daina ɗaukar na'urori masu megabait 4 da 32 ɗin nan tun bayan siga ta 19.07. Ya kamata a duba wannan kafin a sayi rawuta da niyyar sauya mata manhaja.

Hanya mafi sauƙi ita ce kama tambayar suna. Kafin waya ta shiga kowane shafi, sai ta tambayi lambar adireshinsa, domin na'urori da lamba suke aiki. Wannan tsarin shi ne DNS, kuma a shago yawanci rawutar ake tambaya. A OpenWrt, umarni uku ke sa ta fara rubuta tambayoyin:

```
uci set dhcp.@dnsmasq[0].logqueries='1'
uci commit dhcp
/etc/init.d/dnsmasq restart
```

Daga nan idan aka buga `logread`, za a ga layuka masu kama da wannan:

```
query[A] www.bbc.com from 192.168.1.143
```

Ma'anarsa, wayar da ke riƙe da adireshin cikin gida mai ƙarewa da 143 ta tambayi lambar shafin BBC. Iyakar abin da layin ya faɗa ke nan. Bai ce labarin siyasa aka karanta ko na wasanni ba, bai ce minti nawa aka yi ba, bai ma tabbatar da cewa mutum ne ya danna ba. Waya tana kwance a aljihu manhajojinta na ta tambayar sunaye da kansu, kuma shafi guda da aka buɗe yana iya janyo sunaye goma ko fiye na masu talla da masu ƙidayar baƙi. Na taɓa ganin mai shago ya ga sunan kamfanin caca a rajista ya tasam ma yaron shagonsa da faɗa, alhali tallar da ke cikin wani wasan waya ce ta janyo sunan. Abin ya dame ni, domin yaron bai san ma yadda zai wanke kansa ba.

Abin da ke bayan sunan kuwa a rufe yake. Kusan duk shafukan yau suna aiki da HTTPS, wanda ke kulle abin da ke tafiya tsakanin waya da shafin. Rawutar tana iya sanin gidan da aka je sallama, amma ba ta jin hirar da aka yi a zaure. Saƙon WhatsApp, kalmar da aka nema a Google, bidiyon da aka kalla a YouTube, lambar sirrin banki, babu wanda zai fito a rajistar. Duk wanda ya ce zai saita maka rawutar dubu kaɗan ta nuna maka saƙonnin kwastomomi, kuɗinka yake so.

Ko sunan ma ba kullum ake samunsa ba. Tun daga Android 9, wadda ta fito a 2018, akwai saiti mai suna Private DNS da ke tura tambayar suna a kulle zuwa wani wuri daban, ta tsallake rawutar. Burauzoji irin su Chrome da Firefox ma suna da irin nasu. Mai amfani da VPN kuwa, abin da za ka gani daga wayarsa shi ne hanya ɗaya doguwa zuwa adireshi ɗaya, komai nasa na cikinta. Alamar gane hakan ba ta da wuya: waya tana jan data da yawa amma babu tambayar suna daga gare ta a rajista.

A irin wannan hali saura lambar adireshin waje kawai, kuma ana iya sa rawuta ta rubuta kowace sabuwar hulɗa da lambarta. Amfanin lambar kaɗan ne. Kamfanoni irin su Cloudflare suna ɗauke da shafuka masu ɗimbin yawa a kan lambobi guda, don haka lamba ɗaya tana iya zama ta jarida, ta makaranta, da ta wurin banza a lokaci ɗaya.

Tambayarsa ta gaba ita ce ta kwana nawa za a iya dubawa baya. Muka yi lissafi a bayan takardar rasit. Mu ƙaddara wayoyi 20 a yini, kowace ta haifar da layi 1,500. Layi 30,000 ke nan a awa 12 na buɗe shago, wato 2,500 a awa guda. Wurin ajiyar rajista na MikroTik, idan ba a taɓa saitinsa ba, layi 1,000 yake riƙewa, sabo na ture tsoho. Na OpenWrt ma bai fi haka da wani abin kirki ba. A wannan lissafin, abin da ya wuce minti 24 ya riga ya goge. Maganin shi ne a tura rajistar waje, zuwa tsohuwar kwamfuta da ke kunne a shagon ta hanyar da ake kira syslog, ko zuwa filas idan rawutar na da ramin USB. Idan kowane layi bait 100 ne, yini guda megabait 3 ne kacal, wanda ba komai ba ne ga kwamfuta. Sai dai dole a kula da agogo. Yawancin ƙananan rawutoci ba su da batirin riƙe lokaci, daga intanet suke karɓar sa duk sa'ad da suka tashi, don haka layukan farko bayan dawowar wuta kan zo da kwanan wata na ƙarya.

Sannan ga babbar tambaya: 143 ɗin nan wane ne? Adireshin cikin gida aro ne, yau yana hannun wannan gobe yana hannun wancan. A da ana dogara da lambar MAC, wadda kowace waya ke fitowa da ita daga masana'anta. Amma daga Android 10 a 2019 da iOS 14 a 2020, wayoyi suna ƙirƙiro lambar wucin gadi ga kowace hanyar da suka hau. Ana gane ta idan harafi na biyu na lambar ya kasance 2, 6, A ko E. Saboda haka rajista ita kaɗai ba ta nuna fuskar kowa. Masu sayar da tikiti sun fi samun sauƙi a nan, domin kowane kwastoma da lambar shigarsa, ana iya haɗa ta da adireshin da aka ba shi da kuma lokaci.

Da zarar an iya haɗa rajista da mutum, an shiga hurumin doka. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara bayanan mutane nauyin samun dalili na halal, da sanar da su, da tsare abin da ya tara, da kuma kada ya riƙe shi fiye da bukata. Ni a ganina ko babu doka amana ta isa. Wanda ya zauna a bencinka ya hau intanet ɗinka bai san kana rubuta sunayen asibitoci ko bankunan da wayarsa ta tambaya ba. In za ka rubuta, ka manna sanarwa a bango da Hausa, ka ƙayyade kwanakin da za ka goge, kuma kada kwamfutar ajiyar ta zama wadda kowa ke taɓawa.

Da muka kai nan sai na mayar masa da tambayar: me yake son sani a zahiri? Ya yi shiru, sannan ya ce shi dai datarsa ce ke ƙarewa. Wannan ba ya bukatar sanin inda kowa ke shiga. Abin da ake nema shi ne wace na'ura ke jan nawa, kuma ko rawutarsa mai araha tana da shafin ƙididdigar data da wurin ƙayyade gudun kowace waya, wanda a TP-Link ake kira Bandwidth Control. Muka kunna ƙididdigar, muka bar ta zuwa bayan la'asar. Na'urori biyu ne suka yi wa sauran fintinkau. Ɗaya kwamfutarsa ce ta buga takardu, tana sauko da sabunta manhajar Windows a ɓoye. Ɗayar ba ta kowa a cikin shagon ba ce: da muka sa duk wanda ke ciki ya kashe intanet ɗin wayarsa, ita ta ci gaba da ja. Lambar sirrin ba a sauya ta ba tun ranar da aka sayi rawutar, kuma ta daɗe da zagaya layin.

Ya sauya lambar nan take, muka saita kwamfutar ta ɗauki layin a matsayin mai ƙayyadadden data, wato Metered connection, muka kuma yanka wa kowace wayar kwastoma gudun megabit ɗaya a sakan, wanda ya isa hira da kallon ƙaramin bidiyo. Ya ɗauko maka ya rubuta sabuwar lambar a jikin kwali, ya ce kowace Juma'a bayan an sauko masallaci zai riƙa sauya ta.