Kafin a Kira Kafinta, a Fara Sa Ɗakin a Takarda

Duk wanda ya taɓa raka 'yan jere gidan amarya ya san wannan lokacin. Mota ta sauke kaya a ƙofar gida, samari sun ɗauko kujerar nan mai zaman mutum uku, sun kai bakin ƙofar falo, sai ta tsaya cak. A juya ta a kaikaice, a ɗaga ta tsaye, a cire mata ƙafafu, har gwaggon amarya ta fara cewa a kira mai gini ya cire ƙyauren. Na ga haka da idona a bikin wata ƙanwata a Kano. Kujerar dai ta shiga bayan an kankare mata gefe, amma madubin da mahaifinmu ya biya kuɗinsa tun wata uku kafin biki bai samu wurin tsayawa a uwar ɗaka ba. Falo aka kai shi, ya zauna a bayan ƙofa shekara biyu.

Ba wai ba a je ganin ɗakin ba. An je, mata huɗu, suka dawo suka ce ɗaki ne wadatacce. Hausawa kan ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai ɗakin da babu komai a cikinsa yana yaudarar ido ƙwarai. Farin bango da fili fetal suna sa ɗaki mai ƙafa 10 ya yi kama da mai ƙafa 14. Haka ma shagon kayan ɗaki, inda rufin yake da tsawo kuma babu bango kusa, yana sa katafaren gado ya yi kama da madaidaici. Tsakanin waɗannan ruɗun biyu ne kuɗin iyaye ke salwanta. Maganinsa bai fi tef ɗin awo irin na kafinta, da littafin lissafi mai gida-gida na 'yan firamare, da wayar da ke hannunka ba.

Awon shi ne farko, kuma daga ciki ake yinsa, bango zuwa bango. Kada a dogara da abin da ango ko mai gidan haya ya faɗa. Idan ya ce ɗakin "sha biyu sha biyu" ne, sau da yawa lissafin magini yake maimaitawa, kuma filasta ta riga ta ci wani abu daga ciki. A auna kowane bango daban, domin bangwaye biyu masu kallon juna ba lallai su zo daidai ba. Sannan a auna faɗin ƙofa, a lura da ɓangaren da ƙyaurenta yake buɗewa, a auna nisanta daga kusurwa. Taga kuwa awo uku take buƙata: faɗinta, tsawonta, da nisan da ke tsakanin ƙasanta da daɓe, saboda wannan na ƙarshen shi zai nuna ko kan gado ko bayan kujera zai tare ta. A rubuta inda kowace soket take, da makunnin fitila, da inda fanka ta rataya. In an manta tef a gida, tayil zai iya fitar da mutum kunya: a duba girmansa a jikin kwalinsa ko a tambayi wanda ya sa shi, ko mai santimita 40 ne ko 60, sai a ƙirga layukan.

Daga nan sai takarda. A ɗauki kowane gida ɗaya na littafin a matsayin inci 6, wato gida biyu ƙafa ɗaya ke nan. Ɗaki mai ƙafa 12 da ƙafa 10 zai zama gida 24 a tsaye, 20 a kwance, ya zauna a shafi guda. A zana ƙofa tare da baka mai nuna hanyar da ƙyaure yake bi idan an tura shi, don wannan filin ba na kowa ba ne, ba a ajiye komai a cikinsa. Abin da na fi so a wannan aiki shi ne mataki na gaba: kada a zana kayan a jikin ɗakin. A zana su a wani shafin da ma'auni iri ɗaya, a yanke su da almakashi, a rubuta sunan kowanne a kansa. Yanzu ana iya tura gado da ɗan yatsa daga wannan bango zuwa wancan sau ashirin, babu mai ciwon baya.

Bari mu gwada da ɗaki irin wanda ake yawan samu a gidajen haya. Tsawonsa daga kudu zuwa arewa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 10. Ƙofa mai ƙafa 3 tana bangon kudu, kusa da kusurwar yamma, tana buɗewa ciki. Taga tana gabas. Iyayen amarya suna son saitin da kowa ke yi: gado mai katifa shida-shida, durowar gefen gado biyu, sif, da madubi mai durowa.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne gadon. Shida-shida awon katifa ne, ba na gado ba. Idan aka haɗa da katakon gefe da allon kai, gadon yakan kai wajen ƙafa 6 da rabi a faɗi, ƙafa 7 a tsawo, wani ma ya fi haka in kan nasa mai tudu ne. A jingina shi da bangon arewa, a sa durowa mai ƙafa ɗaya da rabi a kowane gefe, an cinye ƙafa 9 da rabi cikin 10. Ya shiga, amma da ƙyar. Daga ƙafar gado zuwa bangon kudu saura ƙafa 5. Sif yana da zurfin ƙafa 2, domin ƙasa da haka rataya ba ta zama a ciki, don haka hanyar da ta rage tsakaninsa da gado ƙafa 3 ce. Wannan ta isa a buɗe murfin sif a tsaya a gabansa. Tsawon sif ɗin kuma bangon ne zai yanke hukunci: a cire ƙafa 3 na ƙofa da ɗan rabin ƙafa na kusurwa, saura 6 da rabi. Ke nan sif mai ƙafa 6 za a ce wa kafinta ya yi, ba mai 8 ɗin da aka gani a hoton wata amarya ba.

Sai madubi. A ɗauki 'yar takardarsa a zaga da ita ɗakin, za a ga babu inda za ta sauka. Kowane gefen gado bai kai ƙafa 2 ba, bangon kudu ya cika. A nan zaɓi biyu ne. Ko a rage gadon zuwa mai katifa ƙafa 4 da rabi, a bar durowa ɗaya, sai gefen taga ya buɗe har madubin ya samu wuri inda hasken safe yake. Ko kuma a bar babban gadon, a ce wa kafinta ya manna madubi a murfin sif, kuɗin durowarsa a sa a wani abu. Ni na fi karkata ga na biyun, domin na san da wuya uwar amarya ta yarda a rage gado, kuma ba na ganin laifinta. Abin da takardar ta yi shi ne ta kawo wannan muhawara gida, ana zaune a kan tabarma, kafin a ba da kuɗin kafin alƙalami.

Akwai 'yar takarda ɗaya da nake roƙon kowa ya yanka, wadda ba a sayenta a wurin kafinta: sallaya. Ta kai kamar ƙafa 2 da 'yan inci a faɗi, ƙafa 4 a tsawo. Daga ƙasar Hausa alƙibla gabas take, da ɗan karkata arewa. A ɗakin nan namu, hanyar da ke tsakanin gado da sif ita ce kaɗai za ta ɗauke ta, kuma an yi sa'a ƙofa tana bayan mai salla, mai shigowa ba zai gitta ta gabanta ba. Da ƙofar a kusurwar gabas take, da sai an sake tunani.

Takarda tana nuna ƙasa ne kawai. Abin da zai hau bango, wato labule, agogo, allon rubutun ayoyi, talabijin, wannan aikin hoto ne. A ɗauki kowane bango shi kaɗai, a tsaya daidai tsakiyarsa daga can ɗaya ɓangaren, waya a daidai ƙirji, a miƙe, ba a karkata ta sama ko ƙasa ba. In aka karkata, layukan bango za su tsuke ta gefe ɗaya, girman komai ya canza. A guji maɓallin nan da aka rubuta 0.5x a kansa. Yana kwaso ɗakin duka a hoto ɗaya, shi ya sa dillalan gidaje ke son sa, amma yana miƙar da gefuna ya sa ƙaramin ɗaki ya zama fili. Kafin a ɗauka, a jingina wani abu da aka san tsawonsa a bangon, ko a sa mutum ya tsaya, don a samu abin kwatance. Daga nan a buɗe hoton a WhatsApp, a taɓa alamar fensir, a zana inda sandar labule za ta tsaya da inda agogo zai zauna. Wanda ya fi son biro ya kai a buga masa hoton a takarda.

Wannan hoton ne za a riƙe a shiga Kantin Kwari. Mai labule zai tambayi awo, kuma amsar ba faɗin taga ba ce. Sanda takan wuce taga da kamar inci 6 ta kowane gefe, yadin kuma yakan ninka tsawon sandar sau ɗaya da rabi zuwa biyu kafin ya yi tattara mai kyau. Taga mai ƙafa 4 tana son sanda mai ƙafa 5, da labulen da faɗinsa ya kai ƙafa 7 da rabi zuwa 10 idan an baje shi.

Inda hoto yake gazawa shi ne launi. Waya tana gyara haske da kanta, fentin da yake ruwan madara da rana ya koma fari fat ko rawaya a allo, gwargwadon ƙwan fitilar da ke ɗakin. Saboda haka kada a zaɓi launin labule ko kafet ta hanyar kara waya a jikin yadi. A roƙi mai shago ɗan ƙyalle, a kai shi ɗakin, a duba shi a jikin bango da hantsi, a sake dubawa bayan magariba an kunna fitila.

Idan an gama da takarda da hoto, kuma ɗakin yana nan babu kowa, a koma da alli a zana gadon da sif ɗin a kan daɓe da ainihin girmansu. A taka hanyar, a buɗe ƙofa har ƙarshe, a durƙusa kamar za a jawo durowa. A nan ne ake gane soket ɗin da za a riƙa cajin waya ta faɗa bayan sif, tun ana iya kiran mai gyaran wuta ya matsar da ita. A hanyar fita kuma a auna duk inda kaya za su bi: ƙofar gida, zaure, kwanar lungu, matakala in bene ne. Kujera mai zaman uku takan kai ƙafa 7 a tsawo da wajen ƙafa 3 a zurfi, ƙofar da ake kira mai ƙafa 3 kuwa, idan aka cire kaurin firam da na ƙyaure, abin da ya rage bai cika ukun ba. A rubuta wannan awon a saman takardar, a nuna wa kafinta, a tambaye shi ko ƙafafun kujerar na kwancewa ne, kuma ko sif ɗin a ɗaki zai harhaɗa shi.