Yatsu Biyu a Kan Jerin Lambobi

Ga lambobi an jera daga ƙarami zuwa babba: 2, 5, 8, 11, 14. Ana neman biyu da za su haɗa 19. Ɗora yatsa kan 2, wani kan 14. Jimla 16, ta gaza. Tunda 2 ta gaza ko da babbar cikinsu, ba ta da sauran amfani. Matsa yatsan hagu zuwa 5. Ga 19 ta fito. Da jimlar ta zarce, yatsan dama ne zai ja baya.

Abin da ke burge ni, kowane taku lamba ɗaya yake zubarwa, don haka lambobi 1,000 ba sa cin taku fiye da 999 a kwamfuta. Amma in jerin a hargitse yake, dabarar za ta iya tsallake amsar.