Batirin motarka na mutuwa cikin dare? Ga yadda ake kama ɓarawon wuta da maltimita

Da yamma mota ta dawo lafiya daga Funtuwa, an ajiye ta a ƙofar gida a Sheme, an kashe komai. Da asuba direba ya murɗa makulli sai ya ji "ƙas-ƙas", fitilun gaban sitiyari su yi ja-ja su dushe. Sai a nemo yara su tura. Ga wanda ke jigila tsakanin Sheme da Ƙanƙara, ko ta hanyar Yankara zuwa Gusau, wannan ba ƙaramar asara ba ce: lodin safe ya wuce shi, kuma babu direban da ke son tafiyar da ya tsara da hantsi ta koma ta yamma a waɗannan hanyoyi.

Abin da akasari ake yi shi ne a ɗora wa batir laifi, a je a sayo sabo. Bayan 'yan makonni sabon ma ya fara irin halin tsohon. Dalili kuwa, sau da yawa wani abu ne a cikin motar yake ci gaba da zuƙar wuta bayan an zare makulli. Ƙaramar maltimita, irin rawayar nan DT830 da masu gyaran wayar hannu ke ajiyewa a kan tebur, ta isa ta nuna maka shi.

Fara da wanke batirin daga zargi

Kafin ka fara farautar ɓarawo, tabbatar akwai abin sata. Bayan mota ta huta na sa'o'i, sa jan igiyar mita a ramin VΩmA, baƙar a COM, ka juya mita zuwa 20V na ɓangaren DC, ka taɓa kawunan batir. Cikakken batir zai nuna kusan 12.6V. Idan ka ga 12.2V, ya kai rabi. Ƙasa da 12.0V kuwa saura kaɗan ya ƙare. Sannan ka tayar da inji ka sake aunawa: ya kamata lambar ta hau zuwa tsakanin 13.8V da 14.5V. Idan ta tsaya a sha biyu da 'yan kai, altaneta ba ta caji, kenan batirin da yunwa yake kwana tun farko, kuma wannan wata matsala ce daban.

Akwai gwajin da ba ya buƙatar mita ma. Bayan doguwar tafiya, kwance kan batir mai alamar ragi ka bar shi a ware har gari ya waye. Idan ka mayar da safe mota ta tashi garau, to wani abu ne a jikin motar ke shanye wutar. Idan duk da haka ta ƙi tashi, batirin ne ba ya riƙe caji. Ka kuma duba saman batirin: ƙurar hunturu idan ta haɗu da danshin ruwan batir takan zama hanyar da wuta ke bi a hankali tsakanin kawuna biyun. A goge shi ya bushe.

Yadda ake haɗa mita

A nan ne mutane suke ƙona mita, don haka a bi a hankali. Awon ƙarfin batir da ka yi ɗazu taɓawa kawai ake yi daga waje. Awon yawan wutar da ke gudana kuwa sai an yanke hanya an sa mita a tsakiya, duk wutar ta bi ta cikinta.

Kashe mota, zare makulli, cire cajar waya da duk abin da aka soka. Mayar da jan igiya ramin da aka rubuta 10A, baƙar tana nan a COM, sannan ka juya mita zuwa 10A. Da sifana, yawanci lamba 10, kwance kan batir na ragi, kada ka taɓa na tarawa. Igiya ɗaya ta mita ta kama sandar batir, ɗayar ta kama kan wayar da ka cire. Ka ɗaure su sosai da 'yar maƙala ko salatif, domin hannu zai gaji kuma duk lokacin da haɗin ya yanke sai ka sake jira daga farko. Idan lamba ta fito da alamar ragi a gabanta, ba komai, igiyoyin ne a juye.

Abubuwa biyu ba a yin su a wannan hali. Ba a murɗa makulli don tayar da mota, saboda abin tayar da inji yana jan wuta fiye da 100A, mita kuwa 10A ce iyakarta. Ba a kuma ɗora igiyoyin a kan kawunan batir biyu alhali ja yana ramin 10A. Yin haka daidai yake da haɗa kawunan da guntun waya, kuma a yawancin masu arhan nan wannan ramin ba shi da fiyus, za ka ga an rubuta UNFUSED a gefensa. Igiya za ta narke, tartsatsi zai tashi, ga batir yana fitar da iska mai kama wuta.

Fiyus ɗin motoci da yawa, ciki har da Golf 3 da ta cika tashoshinmu, a ƙarƙashin sitiyari suke, dole ƙofa ta zauna a buɗe. Sai ka danne maɓallin ƙofar da salatif, ko ka tura maƙullin bakin ƙofa da sukudireba har ya kama, motar ta ɗauka a rufe take. Daga nan sai haƙuri. Tsohuwar mota cikin 'yan mintuna take natsuwa. Sababbi masu kwamfutoci da yawa sukan ɗauki rabin sa'a, wasu har sa'a guda, kafin su yi barci, kuma lambar da ka gani kafin lokacin ba abin dogaro ba ce.

Me lambar take faɗa?

Mota ba ta taɓa komawa sifili. Agogo, ƙwaƙwalwar rediyo da na'urar buɗe ƙofa daga nesa duk suna lasar wuta kaɗan. Abin da aka saba ɗauka lafiya shi ne ƙasa da 50mA, wanda a kan mitar zai fito a matsayin 0.05 ko ƙasa.

Amma ga lissafin da mutane da yawa ke tsallakewa. Batir mai 60Ah, a ƙa'ida, zai iya ba da 1A har kusan sa'o'i 60. To idan ka sami ɗigar 0.10A, cikin dare na sa'o'i 10 abin da za ta sha 1Ah ne kacal. Wannan zai kashe motar da aka ajiye mako biyu ko uku, amma ba zai kashe lafiyayyen batir a dare ɗaya ba. Mutuwar dare ɗaya tana nufin ɗayan biyu: ko ɗigar babba ce ƙwarai, ko kuma batirin ya riga ya raunana har ƙaramar ɗiga ta ishe shi. Sau da yawa duka biyun ne suka haɗu, domin duk lokacin da batirin mota ya sauka ƙasa warwas yana rasa wani abu daga ƙarfinsa, zafin bazara kuma yana ƙara tsufar da shi.

Mu bi misali har ƙarshe

A ce Golf ce ta haya, batir 60Ah mai shekara biyu, ana ajiye ta ƙarfe 8 na dare a tayar ƙarfe 6 na safe. Caji lafiya, 14.1V. An haɗa mita, an jira, lamba ta tsaya a 1.92. Cikin sa'o'i 10 kenan ana kwashe kusan 19Ah. Sabon batir cikakke zai jure wannan na dare ɗaya, amma wanda rabin ƙarfinsa ya riga ya tafi ba zai iya juya inji da sanyin asuba ba.

Ɗauki hoton akwatin fiyus da wayarka kafin ka taɓa komai, don kowanne ya koma gurbinsa. Sai ka riƙa zare su ɗaya bayan ɗaya, wani yana kallon mita, kana mayar da kowanne kafin ka zare na gaba. An zare da yawa ba abin da ya motsa. Da aka zare wanda ke ba fitilun cikin mota wuta, lamba ta faɗo zuwa 1.50. Bambancin 0.42A ne, kuma wannan lambar tana da ma'ana: ƙwan fitila mai 5W a kan 12V kusan haka yake ja. Fitilar rufin mota a kashe take, to saura ta but. Kunna bidiyo a wayarka, ka ajiye ta a cikin but ka rufe, ka buɗe ka kalla. Idan hasken bai ɗauke ba, maɓallin ne ya lalace ko ya goce.

Saura 1.50, kuma fiyus sun ƙare. Wannan ne wurin da ake sarewa, alhali shi kansa bayani ne: abin da ke jan wutar bai bi ta akwatin fiyus ba. Koma wajen batir ka dubi kan tarawa. Duk wata ƙarin waya da ba ta kamfani ba, musamman wadda aka naɗe da baƙin salatif, ita ce abar zargi. A misalinmu jar waya ce mai kauri da ta tafi amfilifaya a ƙarƙashin kujera. Da aka raba ta, mita ta nuna 0.03. Wanda ya ɗaura kayan sautin ya haɗa siririyar wayar da ke kunna amfilifaya, wadda ake rubuta REM a wajenta, da wuta mai zuwa kullum, maimakon ya kai ta rediyo ko layin makulli. Amfilifaya tana kunne dare da rana ko da babu kiɗa. Gyaran na 'yan mintuna ne a wajen mai wayarin.

A ra'ayina, duk motar da aka yi wa ƙari, daga can ya kamata a fara tun kafin fiyus: rediyo mai bulutut, fitilun ado, na'urar bin sawu, ramin cajar waya da aka jona kai tsaye. A wasu motocin ramin kunna taba ma ba ya mutuwa da makulli, caja na ciki da ɗan haskenta har safe. Ita kaɗai ba ta ja da yawa, amma a babur, inda batirin bai wuce 'yan Ah kaɗan ba, tana iya ƙarar da shi cikin kwanaki.

Idan babu ƙarin waya kuma fiyus ba su nuna komai ba, a dubi altaneta. Idan dayod ɗaya ya lalace a cikinta, wuta takan koma baya ta cikinta bayan an kashe inji, alhali da rana tana iya nuna kamar tana caji. Ana gane ta ne da kwance babbar wayarta a ga ko lamba ta faɗi, amma wannan wayar kai tsaye take da batir, don haka a raba mita tukuna, a kwance wayar, a naɗe bakinta, sannan a sake haɗa mita.

Ga sababbin motoci kuwa, zare fiyus kan tashi kwamfutocin daga barci ya rikita awon. A nan sai a bar batir a haɗe, a mayar da jan igiya ramin VΩmA, a sa mita a 200mV na DC, a taɓa 'yan ƙarafa biyun da ke leƙowa a bayan kowane fiyus. Wanda ya nuna 00.0 babu wata wutar kirki da ke bi ta cikinsa. Wanda ya nuna wata lamba da ta ƙi sauka, layinsa za a bi.

Bayan gyara, a kai batirin a yi masa cikakken caji da na'ura, domin tafiyar Sheme zuwa Faskari ba za ta cika batirin da ya sha mutuwa ba. Sannan a sake auna shi washegari da safe kafin a tayar da inji. Idan ɗiga ta koma 0.03 amma batirin ya kwana ya sauko ƙasa da 12.2V, a lokacin ne sayen sabo ya zama dole.