Yadda Ake Tsara Tambayoyin Bincike Kan Auren Musulmi Da Kirista

A garuruwa irin su Kaduna da Jos, ba wuya ka tarar da gidan da uba Musulmi ne, uwa kuma Kirista. Amma idan mai bincike ya tari mutum a ƙofar masallaci ko coci ya ce masa, "Ya dace mutum ya auri wanda ba addininsu ɗaya ba?", wa'azin liman ko na fasto zai ji, ba ra'ayin mutumin ba. Kowa na gudun a ce ya yi wa addininsa riƙon sakainar kashi.

Wannan tambaya ta cakuɗa abubuwa biyu. Aya ta 5 a Suratul Ma'ida ta halatta wa Musulmi auren mace Ahlul Kitabi, jumhurin malamai kuma sun hana Musulma auren wanda ba Musulmi ba. A Cocin Katolika kuwa, irin wannan aure sai da izinin bishop. Don haka sai a raba: tambaya ɗaya kan ɗa, ɗaya kan 'ya. A kuma raba abin da addini ya ce da abin da mutum zai aikata idan lamarin ya shigo gidansa.

Jerin tambayoyi ma yana da tasiri. Tun a 1925 masanin zamantakewa na Amurka, Emory Bogardus, ya auna kusancin ƙabilu hawa-hawa, daga zama a ƙasa ɗaya zuwa maƙwabtaka har zuwa surukuta. Haka za a bi a nan. A fara da maƙwabci da abokin kasuwa, a zo kan wani auren da mutum ya sani, sannan a iso kan 'ya'yansa.

A matakin ƙarshe gajeren labari ya fi aiki. Misali: "Wani saurayi Musulmi yana son auren Kirista, ita kuma ta ce za ta ci gaba da zuwa coci. Da kawunsa ne kai, me za ka ce masa?" Idan ya amsa, sai a sauya abu ɗaya kawai: "To, da yarinyar ce Musulma fa?" Daga nan a bi da "Me ya sa?", a bar shi ya kawo zancen tarbiyyar 'ya'ya ko gado da kansa. Kada a ce, "Ba ka ganin yara za su ruɗe?", domin an riga an sa masa amsa a baki.

Kafin a fita aiki, a gwada tambayoyin a kan mutum biyar ko shida. Idan amsoshi suka zo gajeru, iri ɗaya, kowa na jan aya, tambayar ba ta kai zuci ba, sai a sake ta. A yi hirar nesa da kunnen liman ko fasto, mace ta tambayi mace, a nemi yardar mutum tukuna, kuma kada a rubuta sunansa a takardar amsa.