Wutsiya kafin launi: yadda ake raba akuya da tunkiya a hoto

Idan Babbar Sallah ta ƙarato, hotunan dabbobi kan yi ta yawo a wayoyi. Dillali yana tsaye a kara, a Maigatari ko Wudil, ya ɗauki garke guda ya tura wa mai saye a birni: awaki da tumaki a cakuɗe, ƙura ta tashi, wasu sun ba da baya. A nan ne wanda bai tashi cikin kiwo ba yake rikicewa, domin tumakin ƙasar Hausa ba su da ulu irin na tumakin Turai. Gashinsu gajere ne, kwance a jiki kamar na akuya.

Makiyayi ba ya farawa da launi, wutsiya yake fara dubawa. Ta akuya gajera ce, a ɗage take tana kallon sama. Ta tunkiya kuwa a sake take, siririya, a wasu nau'o'in har tana kaiwa gwiwar ƙafar baya. Wannan alama ita kaɗai kan raba yawancin dabbobin da ke cikin hoto, sai dai akuyar da ba ta da lafiya ko ta tsorata takan sauke tata.

Daga nan sai kai. Ƙahon rago mai kauri ne, yana murɗewa a gefen kunne, yawancin tumaki mata kuma ba su da shi. Awaki kuwa, mace da namiji, galibi suna da ƙaho, yana fitowa daga tsakar ka ya karkata baya. Gemu na bunsuru ne, wasu awaki mata ma suna da shi. Dogon gashin da ke zubowa a wuya da ƙirjin rago geza ce, kuma a hoto mai dishi-dishi sau da yawa akan ɗauke ta gemu. 'Yan tsokoki biyun nan masu lilo a ƙarƙashin wuya ba sa raba gardama, don ana samunsu a akuya, ana samunsu a tunkiya.

A ɗauka hoton na dabbobi goma ne a gindin bishiya. Uku jajaye ne wur, gajerun kunnuwansu a miƙe gefe, wutsiya sama. Waɗannan jajayen awakin Sakkwato ne, waɗanda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi. Fatarsu ce fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita, har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. A gefensu akwai dogon rago, gabansa baƙi, bayansa fari, kamar an ja layi a tsakiyar jikinsa: Uda ke nan, ba a ɓata shi da kowa, ko da gaban nasa ruwan ƙasa ne. Wasu huɗu farare ne masu baƙi a kewayen ido da baki da kunne, tumaki 'yan ƙasa. Ƙaton farin nan sol, mai lanƙwasasshen karan hanci da faffaɗan kunnuwa a zube, Balami ne, wanda aka fi sani da yankin Barno.

Ta goman ce mai wuya. Fara ce, doguwar ƙafa, kunnuwa a zube, ta fuskanci mai ɗaukar hoto, wutsiyar ba ta fito ba. Akuyar Sahel da matashiyar tunkiyar Balami suna iya kama da juna ƙwarai a irin wannan tsayuwa. Sai a ƙara girman hoton a duba tsakar kai: idan ga siraran ƙaho sun nufi baya, akuya ce. Idan babu, a duba abin da take yi. Tumaki kan sunkuya suna kiwon ciyawa, in rana ta take kuma su cure wuri ɗaya, kowace ta cusa kai a inuwar 'yar'uwarta. Akuya kan ware gefe, ta ɗaga kai wajen ganye, har ta miƙe a kan ƙafafun baya ta dafa reshe ko katanga.

Hoto yana da nasa ruɗin. Dabbar da ke kusa da waya takan fito da girman da ba nata ba, don haka 'yar ƙasa a gaba tana iya yin kama da Balami. Hasken yamma da jar ƙura kan mayar da fari ja-ja. Ga kuma barbarar da ke faruwa a garke ɗaya, inda ake samun ɗan Uda da 'yar ƙasa mai dabbare-dabbare, wanda gara a kira shi gauraye da a laƙaba masa nau'in da bai cika ba.

Wanda zai tura kuɗi ya nemi dillali ya ware dabbar, ya durƙusa daidai tsayinta, ya ɗauke ta daga gefe yadda kai da wutsiya za su fito tare, da mutum tsaye kusa don a gwada tsayi. Mai neman abin layya ya ƙara da hoto na uku, na haƙoran gaba na ƙasa, domin a nan ake karanta shekaru.