Takardar da Ta Kwana Tara a Teburin Yallaɓai

Akwai wani saƙo da kusan kowane ma'aikacin ofis ya taɓa rubutawa ya goge kafin ya tura. Shi ne saƙon da ake rubuta wa babba in rai ya ɓaci: takarda ta daɗe a teburinsa, aiki ya tsaya, kuma in abu ya lalace ƙaramin ma'aikaci za a tuhuma. Rubutun farko yakan fito da zafi. Sai mutum ya tuna wa yake rubuta wa, ya shiga sassautawa, ya ƙara gaisuwa, ya ƙara ban haƙuri, har a ƙarshe abin da ya tura ya zama gaisuwa zalla, buƙatar ta ɓace a ciki.

A ɗauki misalin jami'in sito a wani asibiti mai zaman kansa. Ranar Litinin da safe ya auna tankin janareta ya tarar da lita 600 na man dizal, janaretan kuma yana shan kusan lita 150 a kullum. Ke nan man zai ƙare daren Alhamis. Dillalin man ba ya kawowa sai kwana biyu bayan an biya shi, sashen kuɗi kuma ba ya biya sai babban darakta ya sa hannu. Takardar sayen lita 3,000 tana ofishin daraktan yau kwana tara. Ga abin da jami'in ya fara rubutawa:

"Yallaɓai, kwana tara ke nan ka riƙe takardar dizal ba ka sa hannu ba. Sau biyu ina tuna maka. In wuta ta ɗauke a tiyata kada a ce laifina ne."

Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amma wanda ya karanta shi da idon darakta zai ga jimloli uku, kowacce tuhuma ce: ka riƙe, na tuna maka, laifinka ne. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne kare kansa, ya tuna cewa ya yi tafiya, ko sakatare bai shigo da fayil ɗin ba. Abin mamaki ma, duk da zafin saƙon, bai faɗi abin da ake so a yi ba, bai kuma faɗi yaushe ba. Mai fushi yakan ɗauka cewa tunda ya yi magana da ƙarfi ya yi ta a fili, alhali kuwa laifi kawai ya bayyana.

Da jami'in ya huce, sai ya sake rubutawa:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Da fatan an wuni lafiya, ya aiki, ya iyali? A yi haƙuri da damuwa, na san ayyuka sun yi yawa. Dama cewa na yi ko za a ɗan duba maganar nan ta dizal idan an samu sarari. Ba gaggawa. Allah ya ƙara girma."

Wannan ya fi na farko haɗari, domin ba zai ɓata wa kowa rai ba, ba kuma zai sa kowa ya motsa ba. "A ɗan duba" bai ce wa zai duba ba, bai ce sa hannu ake nema ba. "Idan an samu sarari" ya miƙa wa daraktan izinin ajiye maganar zuwa mako mai zuwa. "Ba gaggawa" kuwa ƙarya ce tsagwaronta, wadda ladabi ya sa aka yi. Daraktan zai amsa da "To, madalla, za a duba", kuma ranar Juma'a, in wuta ta ɗauke, yana da gaskiya in ya ce ba wanda ya gaya masa man zai ƙare.

Masu binciken haɗarin jiragen sama sun daɗe da sanin wannan matsala, kuma a wurinsu rayuka ta ci. Ranar 13 ga Janairu, 1982, jirgin Air Florida mai lamba 90, ƙirar Boeing 737, ya tashi daga birnin Washington cikin dusar ƙanƙara. Ƙanƙara ta toshe na'urar da ke auna ƙarfin injin, sai agogon gaban matuƙa ya nuna ƙarfin da ya fi wanda injinan ke bayarwa. Tun jirgin yana gudu a ƙasa mataimakin matuƙi ya lura cewa wani abu ba daidai ba ne, ya kuma faɗa fiye da sau ɗaya. Sai dai a sigar tambaya da shakka ya faɗa, da kyaftin ya ce komai daidai ne sai ya sassauta, ya ce wataƙila hakan ne. Bai taɓa cewa a fasa tashi ba. Jirgin ya daki gada ya faɗa kogin Potomac, mutum 78 suka rasu, huɗu daga cikinsu a kan gadar suke. Irin waɗannan haɗurra ne suka sa kamfanonin jirage suke koya wa ƙananan matuƙa yadda ake yi wa kyaftin magana: a kira shi da girmamawa, a faɗi abin da aka gani, a faɗi matakin da ake so a ɗauka, sannan a nemi amsarsa. Ba a ce su daina ladabi ba. An ce kada ladabin ya cinye matakin.

Ofis ba jirgi ba ne, kuma yawancin takardun da ke makalewa ba sa kashe kowa. Amma dabarar ɗaya ce, kuma tana farawa da raba saƙo gida biyu. Akwai abubuwan da ba a taɓawa ko kaɗan: abin da ake so a yi, wanda zai yi shi, lokacin da ya kamata a gama, da abin da zai faru in ba a yi ba. Duk sauran, wato gaisuwa, yanayin murya, tarihin jinkirin da batun wa ya yi laifi, a nan ake zuba ladabi yadda aka ga dama. Jami'in sito, in ya bi wannan, ga abin da zai tura:

"Assalamu alaikum, ranka ya daɗe. Ina roƙon ka sa hannu a takardar sayen dizal lita 3,000 kafin ƙarfe 12 na ranar gobe Talata. Lita 600 suka rage, za su ƙare daren Alhamis, dillali kuma yana buƙatar kwana biyu bayan biya. In an sa hannu gobe da safe, sashen kuɗi zai biya a ranar, man ya iso Alhamis kafin tankin ya ƙare. An shigar da takardar ofishinka makon jiya; na haɗo kwafinta a nan don sauƙin dubawa. In akwai abin da kake so a gyara, zan iya zuwa yau da kaina. Na gode, Allah ya ƙara girma."

A lura da inda "ka" ya tsaya da inda ya kauce. A saƙon fushi, "ka" yana manne da laifi: ka riƙe, ba ka sa hannu ba. A wannan kuwa ya koma jikin buƙata, "ka sa hannu", laifin kuma an bar shi ba mai shi: "an shigar da takardar ofishinka makon jiya". Daraktan ya san kwana nawa ke nan, ba sai an ƙirga masa ba, kuma an bar masa ƙofar da zai fita da mutuncinsa. Saƙo na biyu ya yi amfani da wannan siga ta "a" da "an" a inda bai dace ba, ya ɓoye mai aikin da ake jira maimakon ya ɓoye mai laifi.

Barazanar nan ta "kada a ce laifina ne" ita ma ba a jefar da ita ba, an sāke mata kama ne. Abin da ke cikinta mai amfani shi ne cewa wuta za ta ɗauke, kuma lissafin lita da kwanaki ya faɗi hakan ba tare da nuna wa kowa yatsa ba. Wa'adin ma ya daina zama umarnin ƙarami ga babba, domin an nuna daga ina ya fito. Ba jami'in ne ya zaɓi Talata ba, tankin da dillalin ne suka zaɓa. Manya da yawa ba sa son a yanka musu lokaci, amma kaɗan ne ke jayayya da lissafin da ke gabansu.

Wurin da buƙatar ta zauna shi ma yana da tasiri. Babban ma'aikaci yakan ga saƙo a waya, tsakanin taro da taro, kuma abin da ke fitowa a allo kafin a buɗe bai wuce layi ɗaya ko biyu ba. In gaisuwa ta cika layukan nan, zai ɗauka gaisuwa ce ya bar ta sai dare. Don haka gaisuwa ɗaya ta wadatar a rubuce, doguwar a bar ta sai an haɗu ido da ido. Saƙon murya na minti uku kuwa, wanda mutane da yawa suka fi so don sun ga ya fi taushi, ba ya sauraruwa a ɗakin taro, ba a kuma iya komawa a duba adadi a cikinsa cikin sauƙi.

Ban haƙuri yana da nasa ƙa'ida. Wanda ya makara wajen kawo takarda ya ba da haƙuri sau ɗaya, a fili. Wanda kuwa aikinsa kawai yake yi, in ya jera "a yi haƙuri" sau uku, yana nuna wa mai karatu cewa shi kansa bai yarda buƙatar ta cancanci a dame shi da ita ba.

Kafin a tura, akwai gwaji mai sauƙi: a ba abokin aiki ya karanta sau ɗaya, a karɓe wayar, a tambaye shi me ake so daraktan ya yi kuma zuwa yaushe. In ya yi jim, an sassauta fiye da kima. In kuma ya amsa daidai amma ya ce "Kai, haka za ka tura masa?", to akwai sauran tuhuma a wani wuri, kuma galibi tana ɓoye ne a kalmomi irin su "har yanzu", "kamar yadda na sha faɗa" da "tun tuni".

Saura abin da za a yi in Talata ta waye shiru. Kuskuren da aka fi yi shi ne a sake tura saƙon tare da sanya shugaban daraktan ko wasu manya a kwafi. Ko da kalmomin sun yi laushi, kowa ya san ƙara aka kai, kuma dangantakar da za ta ɓaci ta fi tankin dizal wuyar gyara. Abin da ya fi shi ne tuni gajere da misalin ƙarfe tara, mai ɗauke da buƙatar da lokacinta yadda suke, sannan jami'in ya ɗauki kwafin takardar ya je wurin sakatare ya nemi minti biyu. In daraktan ba ya gari, sai a tambaye shi kai tsaye wa zai iya sa hannu a madadinsa, ko kuma ya amince a sayi lita 500 daga kuɗin ko-ta-kwana, wanda zai ƙara wa tankin kwana uku kafin ya dawo.