Kaftani Ɗaya, Launi Biyar: Yadda Ake Rina Tufa a Hoto

Wani tela a Kano ya ɗinka kaftanin shadda ja, ya sa yaronsa ya saka, aka ɗauki hoto mai kyau. Yana da irin wannan shaddar a shuɗi da ruwan ɗorawa, amma bai da lokacin ɗinka kowanne don kawai a ɗauki hoto. Sai ya kai wa mai gyaran hoto. Idan mai gyaran sabon hannu ne, zai zaɓi shuɗi ya shafe rigar da shi, sai ta fito kamar an yanko kwali an manna wa yaron a ƙirji. Ninkin hannu ya ɓace, inuwar da ke ƙarƙashin aljihu ta ɓace, zanen shaddar ma babu shi. Launin daidai ne, amma kowa ya kalla ya san ba tufa ba ce.

Dalilin yana cikin yadda hoto yake. Kowane hoto tarin ƙananan ɗigogi ne, kowane ɗigo kuma yana ɗauke da lamba uku, ta ja da ta kore da ta shuɗi, daga 0 zuwa 255. Daga waɗannan lambobi ake fitar da abu biyu: launin ɗigon, da kuma yawan haskensa. Ninki da inuwa da saƙar zare duk ba launi ba ne. Bambancin haske ne tsakanin ɗigo da maƙwabcinsa. Shi ya sa idan ka mayar da hoton baƙi da fari, har yanzu za ka ga kowane ninki. Mai shafa fenti ya goge hasken tare da launin. Abin da ake so shi ne a taɓa launin a bar hasken, kamar yadda marinan Ƙofar Mata ke tsoma zane a baba ya fito shuɗi, saƙarsa tana nan yadda masaƙi ya bar ta.

A Photoshop, aikin yana farawa da ware rigar. Ana iya amfani da Object Selection Tool, ko Pen Tool ga mai haƙuri, a zagaye kaftanin kaɗai. A nan ne yawancin lokaci ke tafiya. Dole a cire wuya da hannaye da agogo, a cire maɓallai, a cire aikin zaren da ke wuyan rigar idan ba a so ya canja. Sannan a sassauta gefen da Feather na kusan ɗigo 1, don kada bakin rigar ya yi kaifi kamar an yanka da reza. Da zaɓin nan a raye, sai a buɗe sabon shafi na Solid Color a zaɓi shuɗin. Zaɓin zai zama abin rufe fuska, wato wurin da yake fari launi zai bayyana, wurin da yake baƙi ba zai taɓu ba. A wannan lokacin rigar za ta yi kama da kwalin nan. Sai a je inda aka rubuta Normal a sauya shi zuwa Color. Nan take ninki da inuwa za su dawo, domin Color yana ɗaukar launi daga shafin sama, haske kuma daga hoton da ke ƙasa. Photopea, wanda ake buɗewa kyauta a intanet, shi ma yana da irin waɗannan kayan aiki.

Akwai gajeriyar hanya ta Hue/Saturation, inda ake jan Hue tsakanin -180 da +180 har ja ya juye kore ko shuɗi. Tana da kyau ga gwaji cikin sauri. Ni dai na fi son Solid Color, saboda ana iya saka ainihin launin yadin da ke shago, kuma a canja shi sau goma ba tare da an sake ware rigar ba.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne a zaton cewa kowane launi zai hau kan kowace riga. Ido ba ya ganin launuka da haske ɗaya. Lissafin da Color ke bi yana ba ja kashi 30 cikin ɗari, kore kashi 59, shuɗi kashi 11. Mu ɗauki ɗigo ɗaya a ƙirjin kaftanin nan, mai ja 200, kore 30, shuɗi 30. Haskensa ya kama kusan 81. Cikakken ruwan ɗorawa kuwa haskensa 227 ne. Idan ka tilasta wa ruwan ɗorawa ya zauna a haske 81, abin da za ka samu wani launi ne mai datti, tsakanin ruwan ƙasa da kore, kamar ruwan kwata. Launin bai yi kuskure ba, hasken ne bai ishe shi ba. Maganin shi ne a saka shafin Curves a ƙarƙashin shafin launin, da abin rufewa iri ɗaya, a ɗaga tsakiyar layin sama a hankali har ɗorawar ta fito, ana lura kada ninkin ya wanke. Shuɗi mai duhu irin na baba kuma akasin haka yake buƙata. Cikakken shuɗi haskensa 28 ne kawai, don haka a kan jan kaftanin zai fito da haske fiye da yadda ake so. Sai a ja tsakiyar layin ƙasa, misali daga 128 zuwa wajen 85.

Farar babbar riga ba ta jin Color kusan ko kaɗan, domin ɗigo mai 255 a ko'ina ya cika da haske, babu wurin da launi zai zauna. Ita Multiply take so, wanda lissafinsa ke nan:

```
sakamako = sama × ƙasa ÷ 255
```

Idan lambar launin sama 40 ce, farin wuri mai 255 zai zama 40, inuwa mai 180 kuma ta zama 28. Inuwa ta ci gaba da fin kewayenta duhu, ninki ya tsira. Amma shadda tana da nata halin. Sheƙinta, wanda bugu ke ƙara fitowa da shi, kusan fari yake ko da wane launi aka rina ta, kuma Multiply yana kashe shi, sai shadda mai tsada ta koma kamar yadin makaranta. Ana dawo da shi ta danna shafin launin sau biyu, a je Blend If, a layin ƙasa na Underlying Layer a riƙe Alt a raba farar alamar gida biyu, a ja rabinta hagu har ƙyallin ya leƙo. Kaɗan ake yi. Idan ya yi yawa rigar za ta zama kamar leda.

Baƙar riga ita ce mafi wuya. Inda kyamara ta rubuta 0, babu zare babu ninki, kuma ɗaga Curves ba zai fito da abin da ba a ɗauka ba, sai dai ƙura-ƙura da dabbare-dabbare. Haka ma farin da rana ta ƙone. Saboda haka nake ba teloli shawara tun kafin ɗaukar hoto: a zaɓi rigar da launinta matsakaici ne, a ɗauka a inuwa ko gefen taga, a kuma turo hoton a matsayin fayil, tunda WhatsApp yana matse hoto ya cinye saƙar yadin. Kuma launin da za a nuna ya zama wanda ake da yadinsa da gaske. A ajiye ƙyallen kusa da allo a gwada, domin mai saye zai gwada ranar da kaya suka iso.

Kafin a miƙa aikin, a ƙara girman hoton a bi bakin rigar. Sau da yawa wani siririn layi ja yana maƙale a kafaɗa ko tsakanin hannu da jiki. A duba ƙarƙashin haɓar yaron ma, domin jar riga tana jefa ja a fata, kuma wannan jan zai zauna a wurin bayan rigar ta zama shuɗiya. Ana rage shi da buroshi mai laushi a kan abin rufewar, da Opacity kamar 15%, a shafa sau biyu ko uku. Daga nan a kashe shafin launin a sake kunnawa ana kallon ninkin gwiwar hannu. Idan yana nan a wuri ɗaya da zurfi ɗaya, sai a kwafi shafin a zuba launi na gaba.